Fuska ɗaya, kamfani goma

Kalmar da ta fi ruɗa masu zane a rumbunan hotuna na intanet ita ce Royalty-free. Da yawa suna ɗauka tana nufin kyauta. Abin da take nufi shi ne mutum ya biya sau ɗaya, ya yi ta amfani da hoton cikin iyakokin lasisi ba tare da ya sake biya ba. Ba ta kuma nufin hoton ya zama nasa shi kaɗai. Rumbun zai sayar wa duk wanda ya zo bayansa, shi ya sa ma yake da araha.

A ɗauki mai zane a Kano da wani kamfanin yogot ya ba ta aikin lakabin roba da allon talla na bakin titi. Ta sami hoton wata mata tana murmushi riƙe da kofi a Shutterstock, ta saya da ƙaramin lasisi, wato Standard. Wannan lasisin ya yarda a buga hoto a jikin kunshin kaya, amma kada jimillar bugun ta wuce 500,000. Adadin kamar yana da yawa, sai an yi lissafi: kamfanin da ke fitar da roba 3,000 a rana zai ƙure shi kafin wata shida. Daga nan sai babban lasisi, Enhanced. Ko da shi ma, ba a yarda a mayar da hoton tambarin kamfani ba. In kuwa an rubuta Editorial use only a ƙarƙashin hoto, to na labarai ne kawai, galibi saboda mutanen da ke cikinsa ba su sa hannu a takardar amincewa a yi talla da fuskarsu ba. Rumbunan kyauta irin su Unsplash sun yarda a yi kasuwanci da hotunansu, amma tabbatar da waccan takarda yana wuyan mai amfani.

Ko an cika duk waɗannan sharuɗɗa, matar nan mai kofi tana iya bayyana gobe a tallar banki ko ta asibitin haƙori. Abin ya taɓa samun manya: Dell da Gateway, kishiyoyin juna a kasuwar kwamfuta, sun yi tallar komawa makaranta a lokaci guda da hotunan ɗaliba ɗaya. Bincike na minti biyu da Google Lens ko TinEye yana nuna wuraren da hoto ya riga ya shiga. Kuma mai saye yana gane baƙon hoto ko bai san dalili ba: ɗaurin ɗankwalin ba na gida ba ne, hasken kicin ɗin ba irin na ranarmu ba ne. Sau da yawa yini guda da mai ɗaukar hoto, da takardar amincewa da aka sa wa hannu, sun fi wa kamfani amfani, domin hoton da aka samu babu mai irinsa.

Sha'anin haruffa ya fi ɓuya. A shafuka irin su DaFont, salo da yawa suna ɗauke da Free for personal use, wato na katin suna ko gayyatar biki, ban da lakabin kayan sayarwa. Sharaɗin yakan zo a ɗan fayil ɗin rubutu cikin kunshin da aka sauke, wanda kusan kowa ke gogewa bai buɗe ba. Wanda aka saya ma, lasisin bugawa daban yake da na shafin intanet ko na manhaja.

Ga Hausa kuma akwai ƙarin tarko. Sunan yogot ɗin yana da ɗ da ƙ, salon da ta zaɓa kuwa ba shi da su, sai manhaja ta aro su daga wani salo, su fito sirara a tsakiyar haruffa masu kauri. Dabarar da aka saba ita ce a buɗe fayil ɗin a liƙa wa d da k ƙugiya, alhali yawancin lasisin saye sun hana taɓa shi. Lasisin SIL Open Font License, wanda akasarin salon Google Fonts ke ƙarƙashinsa, ya halatta kasuwanci da gyara, sai dai in an keɓe sunan salon dole a sauya wa gyararren suna. Noto Sans da Andika suna da ɓ, ɗ, ƙ da ƴ tun asali. Kafin ta ɗora komai a kan wani salo, sai ta rubuta "ɓarawo ya ɗauki ƙwai" da manya da ƙananan baƙaƙe ta duba, sannan ta adana takardar lasisin da rasidin a jakar aikin, ta ba kamfanin kwafi.