Buhu biyu na Malam: yadda muka raba ribar albasa bayan an cire kuɗi tsakiyar tafiya

Kusan kowa a cikinmu ya taɓa haɗa jari da wani, ko a Mile 12 ko a Agege, kuma kowa ya san ƙa'idar da baki: kowa ya samu riba daidai da abin da ya sa. Mu ma mun santa. Abin da ya kusa raba mu da abokanmu shi ne abin da ƙa'idar ba ta faɗa ba, wato idan wani ya ɗebi kuɗinsa kafin a gama ciniki, ko wani ya ƙara.

Mu uku ne. Ba za mu kama suna ba, sai mu ce Alhaji, Malam, da ƙaraminmu da muke kira Auta. Muka haɗa naira miliyan 4 domin sayo albasa daga Aliero a jihar Kebbi mu kawo Mile 12. Alhaji ya sa miliyan 2, Malam ya sa miliyan 1 da dubu 200, Auta ya sa dubu 800. Idan ka raba kuɗin kowa da jimillar jarin, Alhaji yana da kashi 50 cikin ɗari, Malam kashi 30, Auta kashi 20. Wannan mun rubuta shi a littafi tun ranar farko, da shaidu biyu, kuma mun gode Allah da muka yi hakan.

Muka yi wata shida muna juya kuɗin. Da muka zauna lissafi, abu na farko da muka yi gardama a kai shi ne mene ne ribar ma tukuna. Auta ya zo da adadin abin da aka samu a kan kuɗin saye, miliyan 1 da dubu 600, yana murna. Alhaji ya ce masa, "Yaro, wannan ba riba ba ce, akwai haƙƙin mutane a ciki." Gaskiya ya faɗa. Kuɗin mota daga Arewa, kuɗin 'yan dako a lodi da sauke, la'adar dillali, kuɗin ƙungiyar kasuwa, abin da ake kashewa a shingayen hanya, da buhunan da suka ruɓe lokacin da mota ta lalace ta kwana biyu kusa da Jebba, duk sai an fitar da su. Da aka fitar, dubu 960 ta rage. Ita ce riba, kuma sai da muka tabbatar uwar kuɗi ta dawo cif kafin muka kira ta da wannan suna.

Da a ce babu abin da ya motsa a jarin, da lissafin minti biyu ne: Alhaji dubu 480, Malam dubu 288, Auta dubu 192. To amma ya motsa. Bayan wata uku Malam ya aurar da 'yarsa a Kano, ya nemi a ba shi dubu 600 daga jarinsa, aka ba shi ba tare da wata magana ba. A makon nan Auta ya sayar da babur ɗinsa da wani fili, ya zuba dubu 600 domin kada jarin ya ragu. Jimilla ta tsaya a miliyan 4, shi ya sa babu wanda ya ga wani abu ya canza. Amma daga wannan rana kuɗin Malam a ciki dubu 600 ne, na Auta kuma miliyan 1 da dubu 400.

Ranar rabo Malam ya buɗe littafi ya nuna kashi 30 da aka rubuta masa. Auta ya ce, "Malam, da girmanka, amma wata uku kuɗina ne ke aiki a gurbin naka." Shi kuma yana so a raba bisa jarin ƙarshe, ya ɗauki kashi 35, Malam ya ɗauki 15. Kowannensu ya riƙe rabin gaskiya. Malam ya manta da watanni ukun ƙarshe, Auta ya manta da na farko.

Wani dattijo da ya daɗe yana rubuta wa 'yan tumatir lissafi ne ya warware mana. Ya ce a ninka kuɗin kowa da watannin da suka yi a cikin kasuwancin. Na Alhaji miliyan 2 sau wata 6, ya ba da 12. Na Malam miliyan 1.2 sau 3, a haɗa da 0.6 sau 3, ya ba da 5.4. Na Auta 0.8 sau 3, a haɗa da 1.4 sau 3, ya ba da 6.6. Jimilla 24. Sai a raba dubu 960 gida 24, kowane gida ya kama dubu 40. Alhaji ya tashi da dubu 480 kamar yadda yake, Malam dubu 216, Auta dubu 264. Muka haɗa ukun muka ga sun koma dubu 960 daidai, wanda shi ne gwajin da ya kamata a yi a kowane rabo kafin kowa ya sa hannu a kuɗi.

Bambancin da ke tsakanin abin da Malam ya zo yana tsammani da abin da ya samu dubu 72 ne. Ya yi shiru, sannan ya yi dariya ya ce buhu biyu ke nan aka kwashe masa. Har yau haka muke tsokanarsa.

Sai dai mu faɗi gaskiya, wannan hanya ma tana da iyaka, kuma Malam ne ya gano ta daga baya. Tana ɗauka cewa kowane wata riba ɗaya yake kawowa, alhali duk ɗan albasa ya san ba haka ba ne. Lokacin da sabuwar albasa ta cika kasuwa farashi yana faɗuwa, idan ta yi ƙaranci kuma mota ɗaya tana iya kawo ribar da uku ba su kawo ba. Idan mafi yawan ribarmu a watanni ukun farko ta shigo, to an ɗan danne Malam. Idan a na ƙarshe ne, Auta aka danne. Ba mu iya tantancewa ba domin littafinmu bai ware ribar kowace mota ba, kuɗin mota ɗaya yana shiga cikin ta gaba. Muka yafe wa juna a kan wannan. Abin da ya fi, kuma shi muke yi yanzu, shi ne duk ranar da wani zai cire ko ya ƙara kuɗi a rufe lissafi: a ƙirga tsabar kuɗi, a kimanta kayan da ke ƙasa da farashin ranar, a rubuta bashin da ke hannun masu sari, a fitar da ribar zuwa wannan lokaci, sannan a rubuta sabon kashi.

Akwai kuma maganar wahala. Auta ne yake bin mota, shi ke kwana a kasuwa, mu kuwa waya kawai muke bugawa. A wancan zagayen bai nemi komai ba, amma mun ga a fuskarsa. Muka tambayi limaminmu, ya ce a mazhabar Malikiyya da muka taso a cikinta, abokan tarayya riba da asara da aiki duk suna bin gwargwadon jari ne, ko da yake wasu malaman sun yarda a ƙara wa mai aiki kaso idan an amince tun farko. Asara kuwa ya ce babu saɓani, kowa yana ɗaukarta daidai da jarinsa. Muka zaɓi abin da ya fi mana sauƙi: muka ɗauki yaro mai bin mota da lada sananne a kan kowace tafiya, ana cire shi cikin kuɗin kashewa kafin a zo kan riba, sauran aikin kuma muka raba a tsakaninmu.

Zagaye na biyu Malam ya mayar da kuɗinsa, jari ya zama miliyan 4 da dubu 600. Kafin mota ta tashi daga Aliero muka zauna a shagon Alhaji muka sake fitar da kashin kowa, shaidun nan biyu suka sa hannu a ƙasa.