Wutar gidan haya da lissafin maki

Cikin ƙararrakin 'yan haya da nake rubutawa a zauren Maigida, dattijon unguwarmu a Kumasi, na kuɗin ɗaki kaɗan ne, haka ma na shara da wankin bayi, domin mata sun iya tsara juyinsu ba tare da mu ba. Abin da ya fi kawo mutane gabanmu rai a ɓace shi ne kuɗin wuta.

Dalilin a bayyane yake. Gida mai ɗaki takwas ko goma, mita ɗaya ce, kuma mai kati. Idan kuɗinta ya ƙare, duhu ya rufe wanda ya biya da wanda bai biya ba. Don haka gidajen Zango suka saba da rabo ta hanyar maki: ana shiga ɗaki ɗaki a ƙirga kayan wuta, kowane abu da makinsa. Kowane gida da nasa ma'auni, amma wanda na fi gani shi ne ƙwan fitila ɗaya, fanka ɗaya, talabijin biyu, dutsen guga biyu, firji uku. A tara makin gida duka, a raba kuɗin wata a kai.

Ga wata shari'a da na rubuta da hannuna. Gida ne mai ɗaki takwas, makinsa 40, suna sayen wutar sidi 400 a wata, wato kowane maki sidi 10. Wani saurayi tela, mai ƙwai ɗaya da fanka da dutsen guga, makinsa huɗu, yana biyan sidi 40, alhali tun hantsi yake fita sai bayan isha'i. Maƙwabciyarsa kuwa tana da babbar firiza da take daskarar da ƙanƙara da zoɓo don sayarwa, an ƙirga ta maki uku kamar kowane firji, sidi 30. Yaron ya ce shi ba zai ƙara biya ba. Ita kuma ta ce ƙa'idar da ta tarar a gidan ke nan, ba ita ta kafa ta ba.

Dukansu suna da hujja, laifin na ma'aunin ne. An tsara makin nan ne a zamanin da ƙwan fitila ke cin wat 60 ko 100. Tun 2007, lokacin da gwamnatin Gana ta raba ƙwayaye marasa cin wuta, lissafin ya fara karkacewa, yau kuwa ƙwan da ke yawancin ɗakuna bai wuce wat 10 ba. Idan ya yi awa biyar kullum, a wata bai kai yunit biyu ba. Firizar da ake cika wa ruwa mai ɗumi kowace safiya tana iya cin yunit biyu a yini guda. Ta yaya za a ce ita ƙwai uku ce?

Maigida bai yarda a yi ta musu a kan zato ba. Ya sa aka duba abin da ya rage a mita bayan isha'i, aka sake dubawa da asuba, firiza tana aiki. Kashegari aka maimaita, an kashe ta. Bambancin daren biyu ya kai sidi biyu, wanda ke nuna tana cin sidi huɗu ko fiye a yini, wato 120 a wata. Da aka karanta mata, sai ta yi shiru, sannan ta ce, "Baba, da wannan firizar nake ciyar da marayu uku."

Ba a ɗora mata 120 ɗin ba. An mayar da firizar maki goma, makin gida ya koma 47, kowane maki ya sauko kusan sidi takwas da rabi. Ita za ta biya 85 a kan firizar, tela 34. Sauran 'yan haya sun san suna ɗauke mata wani abu, amma yanzu da saninsu da yardarsu, kuma a ganina wannan ne ya raba sadaka da zalunci. Aka kuma rubuta cewa duk wanda ya shigo da sabon kaya, ko da tukunyar dafa shinkafa ce, ya faɗa kafin ya jona, kuma a sake ƙirga kayan ɗakuna duk bayan Sallah.

Mai neman ɗaki ya yi waɗannan tambayoyin kafin kuɗinsa ya bar hannunsa. Dokar haya ta 1963 ta hana karɓar fiye da kuɗin wata shida a gaba, amma kowa ya san shekara ɗaya ko biyu masu gidaje ke nema, kuma wanda ya zube kuɗin shekara biyu ba ya iya tashi saboda rigimar wuta. Ya nemi a nuna masa takardar maki. Ya tambayi wa ke riƙe da katin mita, kuma ko ana nuna rasit. Idan maigidan yana zaune a cikin gidan, ya duba da kyau ko ɗakunansa suna cikin ƙirgen, domin mun sha ganin gidan da 'yan haya ke biya wa maigida wutarsa shekara da shekaru, ba wanda ya iya buɗe baki saboda kunya.