Ku cire dogon tsinken tukuna

Akwai kuskure guda da kusan kowane yaro ke yi in ana koya masa agogo mai tsinke. Ƙarfe uku da minti hamsin ne, sai ya duba ya ce huɗu da minti hamsin. Ba rashin ƙwaƙwalwa ba ne. Ya ga gajeren tsinke ya kusa taɓa 4, sai ya faɗi abin da idonsa ya gani. Mu manya mun saba har mun manta cewa tsinken awa ba ya tsayawa wuri guda, tafiya yake a hankali.

Shi ya sa mu a ganinmu, agogon kwali da za ku yi wa yaro a gida, a fara shi da tsinke ɗaya tak.

Ku samu kwali, ku kifa murfin tukunya a kai, ku zagaye da bik, ku yanke da sizo. Ku fara rubuta 12 a sama, 6 a ƙasa, 3 a dama, 9 a hagu, sannan ku cike lambobi biyu biyu a tsakani. In kun fara daga 1 kuna bi a jere, galibi wuri zai ƙare muku kafin ku kai 11. Ku yanko gajeren tsinke mai kauri, ku ɗaure shi a tsakiya da zare da maɓallin riga biyu, ɗaya gaba ɗaya baya, don ya riƙa juyawa ba tare da ya yage ba.

Da wannan tsinken kaɗai yaro zai yi ƴan kwanaki. Ku sa shi kan 3, ya ce ƙarfe uku. Ku ɗan gusa shi, ya ce uku ta wuce kaɗan. Ku kai shi tsakiyar 3 da 4, uku da rabi ke nan. Ku matsar da shi dab da 4, ku tambaye shi: huɗu ta yi? A nan aikin yake. Muddin tsinken bai isa kan 4 ba, muna cikin uku, kamar mai tafiya Zinder daga Maraɗi, ko ya hango gari, bai iso ba. Wasu kan shafa wa kowane fili tsakanin lambobi biyu launinsa, su ce wa yaro wannan filin duka gidan uku ne. Dabarar tana aiki sosai.

Sai ya daina tuntuɓe a nan za a kawo dogon tsinke, da wani launi dabam, tsawonsa ya kai bakin kwalin. A can bakin, bayan lambobin, ku rubuta 5, 10, 15 har zuwa 55 da ƙananan lambobi. Yaron da bai iya ƙirga biyar biyar ba, a tsaya a koya masa da tsakuwa tukuna, in ba haka ba zai ga dogon tsinke kan 2 ya ce minti biyu maimakon goma.

To, mu koma kan uku da minti hamsin. Dogon tsinke yana kan 10, goma sau biyar hamsin. Gajeren fa? Tsakanin 3 da 4 na agogon bango akwai ƙananan taki biyar, kuma tsinken awa yana cin taki ɗaya duk minti 12. A minti hamsin ya ci taki huɗu har da ɗan ɗori, saura kaɗan ya taɓa 4. Ku lura, a agogon kwali tsinken biyu ba su haɗe ba, kowane sai an juya shi da hannu. In kun bar gajeren daidai kan 3 kun kai dogon kan 10, kun nuna wa yaro lokacin da babu agogon gaske da ke nuna shi. Ku ajiye agogon bango kusa, ku riƙa gwadawa.

Maganar "saura" a bar ta ƙarshe. Huɗu saura minti goma daidai ne, haka ma muke faɗi a rediyo, amma kalmar huɗu da ke ciki ita ce ke mai da yaro kan kuskuren farko. Sai ya iya cewa uku da minti hamsin ba gargada, sannan a nuna masa taki biyu da suka rage wa dogon tsinke ya kai 12.

Akwai kuma namu na nan Nijar. A lakkwal da kan salula yaro zai ga 15:50, a gida ya ji ana cewa ƙarfe huɗu saura na yamma. In ya kai nan, ku rubuta 13 ƙarƙashin 1, 14 ƙarƙashin 2, har 24 ƙarƙashin 12, da jan bik. Ya ga 15 da 3 gida ɗaya suke, ya cire 12 da kansa. Gwajin da muke so shi ne ku faɗi lokaci, shi ya juya tsinken biyu, ku kuma ku zuba ido kan inda ya ajiye gajeren.