Karatu Uku Kafin a Tura Takardar Neman Tallafi

A farkon kowace shekara, tsakanin Janairu da Fabrairu, gwamnatin Turkiyya kan buɗe neman tallafin karatunta mai suna Türkiye Bursları. Bayan sakamakon jarrabawa, ana son ɗalibi ya rubuta da kansa abin da yake son karantawa da dalilinsa. Mu da muke duba wa ƙannenmu irin wannan rubutu, sau uku muke karanta shi, kowane karatu da tambayarsa.

A karatun farko mukan kife takardar, mu gwada faɗin abin da ta ƙunsa cikin jimla ɗaya. Wata ɗaliba 'yar ajin ƙarshe, mai son karanta injiniyancin ruwa, ta kawo mana tata. A ciki akwai gasar muhawara, da shugabancin aji, da ƙwallon hannu, da famfon tuƙa-tuƙa na unguwarsu. Jimla ɗaya ta gagara, domin an kama hanya huɗu. Famfon ne kaɗai ke da alaƙa da karatun da take nema, sai muka ce ta tsaya a kansa. Sauran suna da gurbinsu a fom.

A karatu na biyu mukan ja layi ƙarƙashin duk abin da ɗalibi ya ce ya yi, mu tambaya: yaushe, da su wa, mene ne naka a ciki? Ita ta rubuta, "Na jagoranci samar wa unguwarmu ruwa." Da muka tambaya, ashe famfon ne ya lalace, dattawa suka kira mai gyara, ita kuma ta riƙe littafin karo-karo tana bi gida-gida har mako uku. Wannan muka ce ta rubuta. Waɗanda suka tsallake tantancewar farko ana kiransu hira, kuma ramin ƙarya ƙurarre ne. Tambaya biyu ta isa ta rushe "na jagoranci", amma mai littafi za ta iya bayanin kowace naira.

A karatu na uku mukan rufe suna, mu sa mai takarda ya karanta da ƙarfi. Inda harshensa ya sarƙe, galibi kalmar aro ce. Duk jimlar da kowa a ajin zai iya sa wa hannu, kamar "Tun ina ƙarama nake son taimakon al'umma," sai a soke ta. Ɗalibar nan ta maye gurbin tata da ranar da mai gyara ya zaro wata 'yar roba da ta cinye, ta tsaya tana mamakin yadda abu ƙarami haka ya hana unguwa guda ruwa.

Iyakarmu alama da fensir da tambaya, ba ma rubuta wa kowa jimla. Ranar hira ba ma cikin ɗakin. Ku ma idan za ku duba wa juna, ku tsaya a nan.