Faifan da ya ce ya cika

Ina gyaran kwamfuta da zuba waƙoƙi da wa'azi a memori a Paga, kusa da kan iyakar Ghana da Burkina Faso. Cikin koke-koken da ake kawo mini, wanda na fi taka-tsantsan da shi shi ne "faifaina ya cika". Sana'ar nan ta koya mini cewa faifai ba ya ƙirga kayansa duk lokacin da ka tambaye shi. Littafin lissafi yake riƙe da shi, kamar mai shagon da ke faɗa maka yawan buhunan da ke sito daga abin da ya rubuta. In littafin ya lalace, amsar ma ta lalace.

Wani mai ɗaukar hoton biki daga Bawku ya zo da faifan waje mai 500 GB, ya ce, "Malam, ka goge mini tarkace, ina da ɗaurin aure ranar Lahadi." Na ce, "Alhaji, bari mu fara ƙirgawa." Windows ya nuna girman faifan 465 GB. Wannan ba matsala ba ne, bambancin ƙirga ne tsakanin masu ƙerawa da Windows. Ya kuma nuna an cinye 460. Na buɗe ɓoyayyun fayiloli, na zaɓi komai, na danna Properties, sai jimla ta ba da 310. A kwandon shara akwai 20, domin abin da aka goge daga irin wannan faifai yana nan zaune har sai an zubar. Saura 130 GB da babu wanda ya san inda suke.

Da lissafin biyu sun zo kusa da juna, da faifan ya cika da gaske, maganinsa kwashe kaya kawai. Tazara mai girma haka kuwa galibi tana nufin ɗaya daga cikin biyu. Ko dai littafin ya rubuta wurin da babu kowa a matsayin cikakke, abin da ke faruwa in an zare waya ko wuta ta ɗauke ana tsakiyar rubutu. Ko kuma hotunan suna nan, amma wurin da aka rubuta sunayensu a jikin faifan ya daina karantuwa. Na farko gyaran mintoci ne. Na biyu faifai ne mai mutuwa, kuma a ido kamanninsu ɗaya.

Shi ya sa ba na taɓa gyara sai na duba lafiyar faifan da CrystalDiskInfo. Layuka uku nake kallo: 05, wato gurabun da suka mutu aka musanya su, da C5, waɗanda suka ƙi karantuwa ana jiran hukuncinsu, sai C6. A lafiyayyen faifai danyen adadinsu sifiri ne. Na Alhaji ya nuna Caution, C5 ya tashi. Da na buɗe foldar wani biki sai kwamfutar ta daskare, faifan yana ƙas-ƙas a hankali. Alhaji ya leƙo ya ce ai foldar nan ba haka take ba, rabin bidiyon babu. Su ne 130 ɗin nan.

A nan ne nake ƙin yi wa mutum abin da ya roƙa, gogewa ce ko gyara. Umarnin gyara na chkdsk yana tilasta wa faifai aiki mai nauyi, yana kuma yanke duk abin da bai gane ba don lissafi ya daidaita. A faifai mai ciwo wannan na iya ƙarasa abin da ya rage. Na kwafe foldojin da ke buɗuwa zuwa wani faifai, mafi muhimmanci da farko, sannan na ɗauki hoton faifan gaba ɗaya da ddrescue, wanda ke tsallake wurin da ya ƙi ya dawo masa daga baya. Daga wannan kwafin muka ciro mafi yawan bidiyon. Wasu sun tafi, kuma na faɗa masa haka ƙarara, domin amanar aurarrakin mutane ce a hannunsa.

In da lafiyar ta fito Good, da dubawa kawai zan fara, ba tare da canza komai ba:

```
chkdsk E:
```

In ya ga kuskure, sai na kwafe kayan, sannan na ƙara `/f`. Galibi wurin da ya ɓata yakan dawo, ko a tarar da gutsattsarin fayiloli a ɓoyayyiyar folda mai suna FOUND.000.

Filash da memori sukan zo ba tare da wannan bayanin lafiya ba. Su sai in kwashe kayan, in yi fomat, in sa H2testw ya cika su ya sake karantawa. Wanda aka rubuta wa 64 GB alhali cikinsa 8 ne, a nan asirinsa ke tonuwa. In kuma filash ya ƙi karɓar fim ɗaya mai 5 GB alhali akwai wuri, duba ko FAT32 ne, domin ba ya ɗaukar fayil da ya kai 4 GB.