Shaidar da ba ta da isnadi: abin da wani littafi ya koya mana a Njamena



Bara, bayan Babbar Sallah, dattijon da muke riƙe wa alƙalami ya ce a nemo wa makarantar daren unguwarmu littafin koyon Faransanci da Hausa. Kowa a Njamena ya san dalili. Larabcin kasuwa ba ya gagarar mu, amma takardar hukuma da ta asibiti Faransanci suke so. Wani yaro ya nuna mana littafi a wani shafin sayar da littattafai, ƙarƙashinsa sharhi talatin da ɗaya, kusan dukansu tauraro biyar. Muka ce bakin mutum talatin ba ya haɗuwa a kan ƙarya. Muka ɗebi kuɗin da 'yan kasuwa suka tara, muka sayi kwafi ashirin, aka kawo ta Kuseri.

Malamin ya buɗe shi a daren farko, bai kai shafi goma ba ya rufe. Babu ƙ, babu ɗ, babu ɓ, har "ƙasa" da "kasa" sun zama kalma ɗaya, jimlolin kuma ba Bahaushen da zai furta su. Asarar kuɗin ba ta dame mu kamar kunyar tsayawa gaban waɗanda suka ba da shi ba. Dattijo bai yi faɗa ba. Ya ce, "Malam, ka karanta Musɗalahul Hadisi, amma ka karɓi ruwaya daga mutum talatin ba ka tambayi ko ɗayansu waye ba?"

Wannan tambaya ce ta mayar da mu kan shafin da takarda da biro, muka bi sharhin ɗaya bayan ɗaya.

Abu na farko da muka rubuta shi ne kwanan wata. Ashirin da shida daga cikin talatin da ɗayan sun shigo cikin kwana huɗu, sannan shiru na wata bakwai. Littafin koyon harshe ba a gama shi a zama ɗaya. Wani zai yi wata yana bi, wani shekara, don haka sharhin masu karatu na gaskiya ɗiga yake yi kamar ruwan indararo bayan an ɗauke. Idan ya zubo a lokaci guda, akwai wanda ya kira taron. Sai dai wannan alama ita kaɗai ba ta isa hukunci ba, domin a makon fitowar littafi 'yan'uwa da abokan marubuci sukan yi yabo tare, ba don an biya su ba.

Na biyu shi ne abin da sharhin ya ƙunsa. Muka gwada wani abu mai sauƙi: mu cire sunan littafin, mu sa sunan littafin girke-girke, mu ga ko maganar za ta tsaya. Ta tsaya daram. "Littafi ne mai ban mamaki", "ya canza rayuwata", "kowa ya saya". Ba wanda ya ambaci darasi guda, ko babin ƙirga, ko ya ce bayanin namiji da mace a Faransanci ya yi masa sauƙi ko wuya. Guda tara ma sun maimaita jimlar da ke bayan bangon littafin, sun ɗan juya ta kawai. Wanda ya ci tuwo yana iya cewa gishiri ya yi yawa, wanda aka ba labari kuwa "da daɗi" kawai zai ce. Muka lura kuma duk yabon da Faransanci mai tsabta aka rubuta shi, ga littafin da aka yi wa waɗanda ba su iya Faransanci ba tukuna.

Na uku shi ne mutanen kansu, abin da malamanmu ke kira sanin maruwaita. Idan ka taɓa sunan mai sharhi, shafuka da yawa suna nuna maka sauran abin da ya rubuta. Goma sha ɗaya ba su taɓa rubuta komai ba sai wannan. Wata kuwa ta yaba littattafai bakwai a rana ɗaya: na kiwon kaji, na rage ƙiba, na cinikin hannun jari, duk tauraro biyar. A can ƙasa muka tarar da mutum biyu da suka ba da tauraro biyu. Ɗayansu ya rubuta layi uku, ya faɗi shafin da aka yi kuskure da kalmar da aka ɓata. Da mun fara da shi, da kuɗin jama'a bai tafi ba.

Kada a ɗauka wannan sana'a a kanmu ta fara. A 2012 jaridar New York Times ta fallasa wani Ba'amurke, Todd Rutherford, wanda ya riƙa sayar da sharhi kamar goro: guda ɗaya dala 99, ashirin dala 499, hamsin dala 999. Marubuci John Locke, wanda ya yi suna da sayar da littattafan waya sama da miliyan, ya amsa cewa ya sayi sharhi 300 a wurinsa. Abin lura a nan shi ne ya nemi masu sharhin su sayi littafin da kansu, don ya fito da tambarin "Verified Purchase", wanda shafin Faransanci ke rubutawa "Achat vérifié". Ke nan tambarin shaidar saye ne kawai, ba shaidar karatu ba. A 2010 kuma masanin tarihi Orlando Figes ya amsa cewa shi ne ya ɓoye sunansa a Amazon yana yabon littafinsa, yana sukar na takwarorinsa. Saboda haka suka ma tana iya zama ta bogi, kuma da ma'auni ɗaya ake auna ta da yabo.

Yabon littafi ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Mun taso muna ganin taƙrizi a farkon littattafan malamai, inda wani shehi ke yaba aikin ɗalibinsa ko abokinsa. Amma yana sa sunansa, an san gidansa, idan littafin ya zama shirme mutuncinsa ne a ciki. Maroƙi ma a bainar jama'a ake ba shi kyauta, kowa ya san yabonsa na biya ne. Haka mai sharhin da ya ce "an ba ni littafin kyauta don in faɗi ra'ayina" bai yaudare mu ba. Wanda ya yaudare mu shi ne wanda ya karɓi lada ya shigo cikin rigar mai karatu.

Yanzu ga ƙa'idar zaurenmu. Muna fara karanta masu tauraro biyu da uku, mu nemi wanda ya ambaci shafi ko babi. Muna neman mai sayarwa ya turo hoton shafi biyar daga tsakiyar littafin, ba daga farko ba, domin farko ake gyarawa. Sannan kwafi ɗaya muke saya, malami ya riƙe shi mako guda, kafin a taɓa kuɗin jama'a.

Kwafi goma sha taran nan suna cikin kwali a kusurwar zaure. Ɗaya yana kan teburinmu, kusa da littafin lissafin kuɗi, inda idonmu ke faɗawa duk lokacin da za mu sa hannu.

Allah Ya tsare mu da shaidar zur, Ya ba mu ikon riƙe amana. Amin.