Bakin da ke isar da umurni: sanar da malaman kwantaragi jarrabawar 2017 a ƙasar Arewa

A watan Yuli na 2017 ma'aikatar ilimin firamare ta Nijar, a ƙarƙashin minista Dauda Mamadu Marte, ta yi wa malaman kwantaragi jarrabawa a rubuce domin a gane iyakar sanin kowa. Ƙungiyoyin malamai sun ƙi amincewa, suka yi kiran a ƙaurace, suna cewa a cikin aji ake auna malami, gaban ɗalibansa. Daga baya an soke kwantaragin malamai da dama. Ba zan yi shari'a tsakanin ɓangarorin biyu ba. Abin da ya dame ni a matsayina na ɗalibin harshe shi ne mutumin da ke tsakiya, wato shugaban makarantar ƙauye a wajen Matankari ko Koremairuwa, wanda takarda ta zo masa daga Yamai ta hanyar Dosso da Dogondutsi ko Tibiri. Da Faransanci aka rubuta ta, shi kuma zai tara abokan aikinsa biyar ko shida a gindin bishiya, hirar kuwa da Hausa za ta gudana. Ba shi ya yanke hukuncin ba, ba shi da ikon sauya shi, kuma gobe da waɗannan mutanen zai ci tuwo. Da waɗanne kalmomi zai faɗa?

A ƙasar Arewa na tashi, cikin dangin da malaman kwantaragi ba su yi ƙaranci ba, na kuma ji irin wannan sanarwa sau da yawa. Na lura cewa harshe yakan ruga wuri guda, wato ga lamirin nan da ba ya nuna mai aiki: an, ana, za a, a. “An ce za a yi jarrabawa.” A bakinmu na yamma ma sai ka ji “abin da anka ce ke nan”. Wannan lamiri baiwa ce da Hausa take da ita. Inda Faransancin ofis yake juya jimla don ya ɓoye wanda ya yi aiki, Hausa ba ta buƙatar juya komai, sauya lamiri kawai take yi. Kowa kuma yana ɗaukarsa a matsayin muryar adalci, wadda ba ta goyon kowa.

Ni ina da ja a kan haka. Malamin da aka ce masa “an yanke shawara” tambayar farko da za ta zo masa ita ce: wa ya yanke? Idan jimla ba ta amsa ba, zuciyarsa za ta amsa, kuma sau da yawa wanda ke tsaye gabansa take zaɓa, ko ta ce shugaban ne ya kai sunansa. Ɓoye mai aiki ba ya kawar da zargi, sakin sa yake yi ya faɗa kan wanda ya fi kusa. Abin ya fi muni idan aka sa “wai”. Wanda ya ce “wai za a yi muku jarrabawa” ya isar da saƙo biyu a numfashi guda: ga umurni, ga kuma shaida cewa shi kansa bai gaskata shi ba. Mai sauraro yana da dalilin ɗaukar maganar a matsayin jita-jita, ya ƙi shiri, ranar ta zo ta same shi a zaune. Shugaban ya sayi farin jini na yini ɗaya da aikin wani. Kishiyar wannan ita ce “mun yanke shawara”, wadda take sa shi cikin waɗanda suka yi hukuncin alhali ba a ko tambaye shi ba.

Maganin yana cikin al'adarmu tun da daɗewa. Mai shela idan ya fito da saƙon fada, da sunan mai saƙon yake farawa: sarki ya gaishe ku, ya ce kaza. Ba wanda ke riƙe mai shela da laifin harajin da ya faɗa, ba kuma wanda ke shakkar cewa maganar ta tabbata, domin an ji daga inda ta fito. Haka ya kamata shugaban makaranta ya yi: “Ma'aikatar ilimi ta yanke cewa kowane malamin kwantaragi zai zauna jarrabawa. Takardar ta iso mini jiya, ga ta.” Jimla ta farko ta ɗora hukunci a kan mai shi, ta biyu ta nuna iyakar matsayin mai magana. Bayan an kafa wannan, lamirin ɓoye yana iya dawowa ya yi aikin da ya dace da shi, wato bayanin tsari: za a fara da ƙarfe kaza, za a duba katin shaida. A nan ba wanda ya damu da sanin wa zai duba.

Sai sunan abin kansa, wanda a ganina nan ne rashin son kai ya fi wuya. Kalmar Faransancin da ke kan takardar tana da faɗi, ta haɗa awo da kimantawa. Hausa kuwa sai ta tilasta maka zaɓi. Idan ka ce “tantancewa”, ka riga ka faɗa cewa akwai tsaba akwai ƙaiƙayi. “Tankaɗe da rairaya” ta fi wannan zafi, ta mai da mutane gari. “Gwaji” tana rage wa abin nauyi, kamar wasa ne da ba ya da sakamako. “Binciken ƙwarewa” tana da taushi, amma bincike kan tuna wa mutum da laifi. Kalma ta farko da ta biyu maganar masu goyon tsarin ce, ta uku kuma ta mai son kwantar da hankali ko da da ƙarya. Na fi yarda da “jarrabawa”, duk da cewa tana da ɗaci ga wanda ya shekara goma yana yi wa yara ita. Dalilina shi ne ita kaɗai ce ke faɗar abin da zai faru a ɗakin: za a zauna, a ba da tambayoyi, a rubuta, a ba da maki. Hanyar gane kalma mai tsaka-tsaki ke nan: wanda ke son tsarin da wanda ke ƙinsa duka su iya amfani da ita ba tare da ɗayansu ya ji an ci shi da baki ba.

Masu nazarin ladabin magana, tun daga littafin Brown da Levinson na 1987, suna cewa umurni da mugun labari barazana ne ga fuskar mai sauraro, don haka mai magana yakan nemi hanyar sassautawa. Mu abin da suke kira fuska muna da shi a kalmar mutunci, hanyar sassautawarmu kuma ita ce sakaya zance. Amma sakayawa tana da haɗari na musamman a Hausa, domin gida ɗaya take zaune da habaici. A ɗauki shugaban da ke son ya bayyana dalilin jarrabawar cikin ladabi, ya ce: “Kun san dai akwai waɗansu da ba su riƙe aikin yadda ya kamata ba.” A nufinsa bai ambaci kowa ba. A kunnen mutum shida da ke zaune kuwa ya ambaci kowa, kowannensu zai koma gida yana lissafin da wa ake. A taron da bai kai mutum goma ba, “waɗansu” gugar zana ce. Gara ya mai da dalilin ga mai shi, ya kuma ɗora shi kan aiki maimakon mutane: “Dalilin da ma'aikatar ta bayar shi ne tana son sanin matakin kowa a darussan da ake koyarwa.” Bai ce dalilin daidai ne ba, bai ce kuskure ne ba.

Ƙananan kalmomin nan da muke ƙarawa a magana su ma ba su da tsaka-tsaki. “Za a yi ta fa” gargaɗi ne mai kama da barazana. “Za a yi ta dai” sallamawa ce, kamar mai cewa ba yadda muka iya da azzalumai. “Za a yi ta kam” rufe ƙofar tambaya ne. A hira su ne gishiri, a jimlar hukunci kuwa gara a bar su duka.

Inda aka fi tuntuɓe shi ne faɗar abin da zai biyo baya. A nan ne mai magana ke jin kunya, sai ya fake da “Allah dai ya sa mu dace” ya wuce. Addu'a tana da wurinta, amma ba ta maye gurbin labari. Idan takarda ta ce wanda bai zauna ba za a soke kwantaraginsa, to wannan ita ce jimla mafi tsada a cikin sanarwar, kuma ɓoye ta cin amana ne komai kyan niyya. Siffar sharaɗi ce ta dace da ita: “Takardar ta ce duk wanda bai zauna ba, ma'aikatar za ta soke kwantaraginsa.” A lura da “duk wanda”, ba “in kun ƙi” ba. “Ƙi” tana ɗora wa mutum niyyar tawaye, “bai zauna ba” tana faɗar abin da ido ke gani. A shekarar da ƙungiyoyi ke kiran ƙauracewa, wannan bambanci shi ne tsakanin isar da saƙo da shiga rigima. Abin da takarda ba ta faɗa ba kuma, kamar makin da ake nema in ba a rubuta shi ba, sai ya ce ba a rubuta ba, zai tambaya, ya faɗi ranar da zai dawo da amsa.

Game da “ku yi haƙuri” na daɗe ina tunani. Kalma ce mai fuska biyu: tana iya zama ban haƙuri, tana iya zama umurnin a yi shiru. Wurin da aka ajiye ta ne ke bambanta su. Idan ta zo kafin labari, kan mai sauraro ya san abin da zai haƙure, umurni ce. Idan ta zo bayan an faɗi komai an kuma buɗe ƙofar tambaya, tausayi ce. Haka gaisuwa: a yi ta cikakkiya kamar yadda muka saba, a kira mutane “malamai” ko “abokan aiki”, amma kada a bar ta ta yi tsawon da zai sa kowa ya gane ana jan ƙafa.

Idan aka haɗa, ga abin da zan so in ji daga bakin shugaban: “Malamai, barkanmu da war haka. Na tara ku ne don takardar da ta iso jiya daga ma'aikatar ilimi. Ma'aikatar ta yanke cewa kowane malamin kwantaragi zai zauna jarrabawa a rubuce, ranar kaza, a wuri kaza. Dalilin da ta bayar shi ne sanin matakin kowa. Takardar ta ce duk wanda bai zauna ba za ta soke kwantaraginsa. Na san labarin yana da nauyi, na kuma san ƙungiyoyinku suna da tasu magana. Abin da ke hannuna shi ne in karanta muku takardar kamar yadda take, in kai tambayoyinku gaba. Ga ta nan, kowa ya duba da idonsa.”

A 2025 dokar ƙasa ta sabunta Nijar ta ba Hausa matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi suka zama harsunan aiki. Idan wata rana takardun ofis suka fara fitowa da Hausa tun daga Yamai, zaɓin da shugaban makarantar Koremairuwa ke yi da baki tsakanin “an yanke” da “ma'aikata ta yanke” zai koma kan teburin mai rubuta takardar, wanda mai yiwuwa yanzu yana zaune cikin ajinmu.